Katin biki ɗaya, harsuna huɗu: yadda ake tsara kalmomin gayyata

Tambaya: 'Yata ce za ta yi aure a nan Kano a watan Disamba. Angon Bayarabe ne, mutumin Ilorin. Dangin mahaifiyarta kuma suna Maraɗi, yawancinsu Faransanci suka yi a makaranta. Ga kuma abokan aikina da ba sa jin Hausa. Yaya zan rubuta katin gayyata yadda babu ɓangaren da zai ji kamar cikon benci aka yi da shi?

Amsa: Allah Ya sanya alheri, Alhaji, Ya kai mu lokacin lafiya. Na daɗe ina aikin tsara katunan biki da duba rubutunsu kafin a kai su bugu, kuma irin wannan kati yana cikin waɗanda na fi ba wa lokaci, domin shi ne abu na farko daga gidanka da zai shiga hannun surukanka.

Kuskuren da na fi gani shi ne a zauna a rubuta kati cikakke da harshe ɗaya, da addu'a da kirari da jerin bukukuwa, sannan a ce wa wani yaro ya juya shi zuwa sauran harsunan a taƙaice. Sai a sa na farkon da manyan haruffa masu ruwan zinari, sauran kuma a cusa su can ƙasa da ƙananan haruffa. Wanda aka miƙa wa irin wannan kati ba ya bukatar ya iya karanta harsunan duka kafin ya gane matsayinsa. Da ido kawai zai ga cewa nasa layi uku ne, na wasu layi goma sha biyu.

Abin da nake yi shi ne na raba aikin gida biyu. Akwai bayanin da dole ya zama iri ɗaya ga kowa: wane ne ke gayya, auren wa da wa, wace rana, ƙarfe nawa, a ina, wane taro ne na maza, wane ne na mata, wa za a kira idan an ɓata hanya. Akwai kuma lafazin gayyar, wato yadda ake girmama mutum a roƙe shi ya zo. Na farkon ana rubuta shi sau ɗaya a takarda, iyalan biyu su amince da shi, ba a ƙara ba a ragewa. Na biyun ba a fassara shi. Ana ba ɗan harshen takardar bayanin ne a ce masa ya rubuta gayya yadda ake rubuta ta a gidansu.

Ga yadda ɓangaren Hausa zai iya kasancewa:

“Iyalan Alhaji Wane da Hajiya Wance na Kano, da iyalan Alhaji Wane da Alhaja Wance na Ilorin, suna farin cikin gayyatar ku zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu, Wance da Wane, wanda za a yi ranar Juma'a, 4 ga Disamba, 2026, da ƙarfe 2:00 na rana, bayan an sauko daga Masallaci, a wuri kaza. Za a yi walima ta maza da mata ranar Asabar, 5 ga Disamba, da ƙarfe 4:30 na yamma, a wuri kaza. Za a gudanar da taro da Hausa da Yarabanci, akwai kuma masu fassara zuwa Turanci da Faransanci. Allah Ya ba da ikon zuwa. Wanda bai samu dama ba, muna roƙon ya sa mu a addu'a.”

Ka lura na sa sunayen iyaye mata. A katunanmu na Hausa an saba da ambaton uba kaɗai, ko kakan da ya rasu, a ce iyalan marigayi wane. A katunan Yarabawa kuwa an saba ganin uba da uwa tare. Idan ka bi al'adarmu kai tsaye ka cire sunan uwar ango, kai a ganinka kunya ce da sakaya, ita kuwa za ta iya ɗauka an share ta daga bikin ɗanta. In kuma ka sa nata ka bar na uwar amarya, mutanen Maraɗi ne za su duba su ga babu 'yarsu. Wannan magana ce da za ka yi da mahaifin angon baki da baki tun kafin a je wurin mai bugu: ko a sa iyaye mata a ɓangarorin biyu, ko a ce iyalan wane da iyalan wane kawai a dukkan harsunan. Abin da ba a yi shi ne a sa a wani harshen a cire a wani. Haka ma laƙabi, kowa a rubuta masa yadda yake rubuta wa kansa. Wadda ake kira Alhaja a garinsu kada a mayar da ita Hajiya don an shigo ɓangaren Hausa, wanda kuma yake da sarauta a tambayi gidansu ainihin yadda ake rubuta ta.

Inda aka fi samun matsala, a gwajin da na yi, shi ne kalmar ɗaurin aure ita kanta. Bahaushe da ya ga ɗaurin aure bayan sallar Juma'a ya san abin da ake nufi ba sai an yi masa bayani ba: taron maza ne, a masallaci ko ƙofar gida, waliyyi da wakili da shaidu, a ambaci sadaki, a yi siga, a shafa Fatiha, a watse cikin ɗan lokaci, amarya ma tana cikin gida. A wurin Yarabawa Musulmi da yawa kuwa, taron da ake ƙulla aure babban zama ne da maza da mata ke halarta, ango da amarya suna zaune a gaban jama'a, liman yana yi musu nasiha. Idan aka fassara kalmarmu da tasu aka yi shiru, an ba su hoton taron da ba shi za a yi ba.

Na taɓa ganin wannan da idona, a wani kati da ni ma na duba shi kafin bugu ban lura ba. A ɓangaren Hausa an jera kamu da yinin biki da walima, a ɓangaren Turanci kuma an sa ɗaurin aure kaɗai, saboda wuri ya ƙare. Ranar Juma'a sai ga bas biyu sun tsaya a ƙofar masallaci, cike da mata dangin ango, sun sha anko iri ɗaya da manyan ɗaurin kai, sun kwana a hanya. Suka sauko suka tarar da maza zalla a kan tabarmi. Babu inda aka tanadar musu, babu macen da ta fito tarbarsu, domin matan gidan amarya suna can suna shirin taron gobe. Suka tsaya a inuwar bas ɗin har aka shafa Fatiha. Uwar angon ba ta ce komai ba, amma na ga yadda ta ninke katin ta sa a jaka. Tun daga ranar ba na barin kati ya fita sai na ƙirga tarukan da ke cikin kowane harshe da yatsa, na ga adadinsu ɗaya ne.

Don haka a ɓangaren Yarabanci da na Turanci, a ƙara rabin jimla bayan kowane taro: wannan na maza ne, mata za a karɓe su a gidan amarya a daidai wannan lokaci, wannan na mata ne, wannan na kowa da kowa ne. In an rubuta za a karɓi mata a gida, to lallai a sa waɗanda za su karɓe su. Kalmomi irin su kamu da sa lalle da buɗar kai a bar su da sunansu na Hausa, a bi su da bayanin kalma huɗu ko biyar. In dangin ango ma suna da wani taro na al'adarsu da suke son a yi, shi ma ya shigo ɓangaren Hausa da sunansa na Yarabanci da ɗan bayaninsa, kamar yadda namu ya shiga nasu.

Lokaci ma haka ne. Bayan sallar Juma'a lokaci ne sananne ga mutumin unguwa, amma masallatan Kano kansu ba lokaci ɗaya suke tayar da salla ba, balle abokin aikinka Kirista da zai taso daga ofis. A rubuta agogo a kowane harshe, a ƙara ambaton salla ga mai so. Mutanen Nijar sun saba da agogon awa 24, saboda haka a ɓangaren Faransanci ƙarfe biyu na rana 14h00 ne, huɗu da rabi na yamma kuma 16h30. Babu bambancin agogo tsakanin Maraɗi da Kano, wannan kam an huta. Kwanan wata kada a rubuta shi da lambobi zalla. 4/12/2026 a Najeriya da Nijar 4 ga Disamba ne, amma ɗan'uwan da ke Amurka zai karanta shi 12 ga Afrilu. A rubuta sunan ranar da sunan watan da haruffa a kowane harshe. Kwanan watan Musulunci kuwa, in kana son sa, ka sa shi a matsayin ƙari, domin katin zai fita makonni kafin a ga watan, kuma yakan faru lissafin Najeriya da na Nijar su saɓa da kwana ɗaya.

Yanzu maganar wanda zai zo a sama. A takarda dole wani ya riga wani, babu yadda za a yi da wannan, amma ana iya juya shi. Ga yadda zan tsara naka. A ɗauki takarda A4 a ninke ta biyu, ta ba da shafi huɗu masu girman A5. A bango a sa sunan amarya da ango da kwanan wata, da kalmar maraba da harsunan huɗu a layi ɗaya, girma ɗaya, launi ɗaya: Barka da zuwa, Ẹ káàbọ̀, Bienvenue, Welcome. Shafuka biyun ciki a raba kowanne biyu, ya zama gida huɗu daidai wa daida, kowane gida milimita 148 a faɗi da 105 a tsaye. Kowane harshe gida ɗaya, da irin harafi ɗaya da girman harafi ɗaya. Shafin baya na taswira ne da lambobin waya.

A ce kati 500 za ka buga: 300 na Kano, 120 na Ilorin, 80 na Maraɗi. Sai a yi jeri uku. A na Kano, Hausa a sama ta hagu, Yarabanci kusa da ita. A na Ilorin, Yarabanci ya koma sama ta hagu, Hausa ta bi shi. A na Maraɗi, Hausa a farko, Faransanci a gefenta. Kowane kati yana ɗauke da harsunan huɗu, wurin zama kawai ke sauyawa. In bugun dijital za a yi, wannan sauyin ba ya ƙara wani kuɗin kirki, domin fayil uku ne kawai za a tura wa injin. In kuma bugun faranti ne, kowane jeri sai an yi masa nasa farantin, don haka ka tambayi farashi tun farko. Turanci ban sa shi a farko a ko ɗaya ba. Yana da gidansa cikakke kamar kowa, mai neman sa zai gan shi nan take, amma ba harshen gidan amarya ba ne, ba na gidan ango ba ne.

Ka ga a na Maraɗi Hausa na sa a gaba, da gangan na yi. Waɗannan kawunnan amarya ne da innoninta, Hausawa ne, Hausa suke yi a gida da kasuwa. Abin da ya bambanta shi ne harshen da idonsu ya saba karantawa. In ka aika musu da kati na Faransanci zalla, ka mayar da su baƙi a bikin 'yarsu. Faransancin yana nan ne don sauƙin karanta lokaci da wuri, da kuma abokansu da za su rako su, wataƙila Zabarmawa ko Buzaye. Haka lamarin yake a Ilorin ta wata fuskar: da yawa daga cikin matasansu za su fi saurin karanta Turancin, amma ganin Yarabanci a katin da ya fito daga gidan Bahaushe a Kano shi ne abin da dattawansu za su riƙe.

Wata 'yar matsala da za ta taso: Faransanci yakan fi sauran tsawo, musamman lafazin gayya na girmamawa. Mai tsara kati zai so ya ƙanƙantar da harafinsa don ya shiga gida. Kada ka yarda. A fara zuba mafi tsawon, a zaɓi girman harafin da ya ishe shi, sannan a yi wa sauran ukun wannan girman, ko da za a bar ɗan fili a ƙarƙashinsu.

Sai haruffa, kuma a nan ina roƙon ka tsaya da kanka. Yawancin haruffan ado masu lanƙwasa da ake yayi a katunan biki ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Idan injin bai same su ba, ko dai ya bar ɗan akwati a wurin, ko mai aikin ya cire ƙugiyar ya wuce. Da haka manyan baƙi suke komawa manyan baki a kan kati. Yarabanci ya fi namu hatsari, domin yana da ɗigo a ƙarƙashin wasu haruffa da kuma alamomin karin murya a sama. Kalmar ọkọ miji ce, ọkọ̀ mota ko jirgi, ọkọ́ fartanya, oko kuma gona. In aka zubar da alamomin, ango na iya zama gonar amarya a rubuce. Mai karatu zai gane abin da ake nufi daga yanayin magana, amma zai kuma gane cewa ba a damu a rubuta harshensa daidai ba. Kafin a fara aiki, ka sa mai tsarawa ya buga wannan layin da irin harafin da ya zaɓa, manya da ƙanana, ka gani a takarda:

```
ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ  ẹ ọ ṣ ẹ́ ọ̀ Ẹ Ọ Ṣ  é è ê à ç
```

In ko ɗaya ya fito da wata siffa dabam da 'yan'uwansa, ko alamar ta zame gefe, a sauya harafin. Charis SIL da Gentium da Noto Serif duk suna ɗauke da waɗannan, kuma kyauta ake samun su. Harafin ado a bar shi ga sunan amarya da ango a bango, in sunayen ba su da ƙugiya ko ɗigo. Na sa ƴ a layin ne saboda a ƙa'idar rubutun Nijar da shi ake rubuta abin da mu muke rubutawa 'y, wato ƴaƴansu a maimakon 'ya'yansu. In ka sa aka yi haka a kati 80 ɗin Maraɗi, ƙaramin aiki ne, kuma wanda ya yi karatun Hausa a can zai lura.

Game da Larabci, mutane da yawa suna son Bisimilla ko ayar nan ta 21 a Suratur Rum a saman kati. Shawarata ita ce a yi tunani, domin katin biki yakan ƙare a ƙasa bayan taro, kuma malamai da dama ba sa son a sa ayar Alƙur'ani a takardar da za a yar. In an yanke za a sa, to mai karatun Larabci ya duba samfurin da aka buga, saboda wasu manhajojin zane suna rarraba haruffan ko su juya su daga hagu. Addu'ar fatan alheri da kowane harshe a cikin gidansa ta wadatar, kuma ita ce abokan aikinka da ba Musulmi ba za su karanta su ji da su ake.

Kafin bugu akwai gwaji ɗaya da ba na tsallakewa. Wanda ya rubuta Yarabancin daban, wanda zai duba shi daban. Na biyun ba a nuna masa na Hausa. A miƙa masa na Yarabancin a ce ya faɗa da baki abin da ya fahimta: wa ke gayya, yaushe, ina, matarsa za ta je masallacin ko gida za ta nufa. Kai kuma kana riƙe da takardar bayanin kana bi. Duk inda amsarsa ta kauce, rubutun ne bai fita ba. Haka za a yi wa Faransanci da Turanci. Ya fi kyau marubucin Yarabancin ya fito daga dangin angon kansu, dattijo ko dattijuwa, domin shi ya san lafazin da ake yi wa manya a Ilorin, kuma sa shi cikin aikin ma karramawa ce. Na Faransancin a ba wani daga Maraɗi da ya saba ganin katunan can.

Lambobin waya a shafin baya su zama aƙalla uku, kowace a rubuta harshen da mai ita yake ji a gefenta. A sa lambar ƙasa: +234 ga Najeriya, tare da cire sifirin farko, +227 ga Nijar. Haruffan nan RSVP da muke sawa a kan lambobi, mu mun ɗauke su a matsayin ga wanda za a tuntuɓa, amma asalinsu Faransanci ne, kuma ma'anarsu a taimaka a ba da amsa. Mai karatun Faransanci zai ɗauka ana jiran ya kira ya ce zai zo ko ba zai zo ba. In amsar kake so don tanadin masauki, ka faɗa a sarari da ranar da kake son ta, a harsunan huɗu. In ba ita kake so ba, a rubuta domin ƙarin bayani kawai.

Layin nan da na sa a samfurin, cewa akwai masu fassara, alkawari ne, kada a rubuta shi sai an tanadi mutanen. A wurin ɗaurin auren ma ya fi muhimmanci, domin wakilin ango zai nemi aure a ba shi ya karɓa, kuma ya kamata ya ji abin da ake faɗa da kunnensa. In ba ya jin Hausa, a gaya wa liman tun kafin ranar, a zaunar da tafinta kusa da shi, sanƙira kuma in ya sanar da an ɗaura, a maimaita sanarwar da Yarabanci. A walima a samu mai gabatarwa biyu, ko ɗaya mai jin harsunan biyu, irinsu suna da yawa a Sabon Gari da Fagge.

Akwai kuma waɗanda kati ba zai isar musu ba ko da harshe goma aka rubuta shi: tsofaffin da ba sa karatun boko, a Kano da Maraɗi da Ilorin duka. Su saƙon murya za a yi musu, na kamar minti ɗaya, da bakin wani babba na gidan, a faɗi abin da ke cikin takardar bayanin nan ba ragi. Na Ilorin mahaifin ango ko wani ƙaninsa ya yi, amma in ka iya buɗe shi da sallama da gaisuwa da muryarka kafin ya karɓa, ka yi. Manyan dangi kuwa, kawun uwar amarya a Maraɗi da babban gidan su ango, sai an tashi mutum takanas ya kai musu katin da goro da alawa. Katunan nesa su riga na cikin gari fita da kamar mako biyu, domin masu ƙetaro iyaka ta Jibiya da masu tasowa daga Kwara suna bukatar lokacin shirin hanya da masauki fiye da maƙwabcinka na Kano.